Kwana bakwai ko kwana huɗu: wanne za a rubuta a rahoto?

Mu ɗauka an buɗe rajistar ɗakin kwantar da yara na wani ƙaramin asibiti, an kwafo yawan kwanakin da yara 11 suka yi a kan gado kafin a sallame su. Lambobin na misali ne, kuma da gangan na zaɓe su ƙanana domin mai karatu ya iya bin lissafin da biro da takarda. Ga su a jere, daga ƙarami zuwa babba:

2, 2, 3, 3, 3, 4, 4, 5, 6, 9, 36

Goma daga cikin yaran zazzaɓi ne da gudawa da ciwon huhu suka kawo su, aka yi musu magani suka tafi gida. Na sha ɗayan ruwan zafi ne ya ƙone shi, ciwon ya ƙi warkewa da wuri, sai da ya yi kwana 36. Yanzu an ce wa ma'aikacin da ke haɗa rahoton wata ya rubuta, a layi ɗaya, kwana nawa yaro kan yi a wannan ɗakin. Yana iya rubuta 7, yana iya rubuta 4, kuma duk wadda ya rubuta babu wanda zai ce ya yi kuskuren lissafi. Sai dai mai karanta rahoton zai fahimci abu daban daga kowacce, kuma a nan ne ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu, da ma'aikatan lafiya, da 'yan jarida suke yawan yin tuntuɓe.

Bakwai ɗin shi ne matsakaici, wanda kowa ya koya tun firamare. A tara duka kwanakin, za a samu 77, a raba gida 11, kowa ya tashi da 7. Tsarin watanda ne: an haɗa komai wuri ɗaya an kasa daidai, ba tare da an tambayi wa ya kawo da yawa ba. To amma a sake duban jerin. Yara 9 cikin 11 ba su kai kwana 7 ba, biyu kawai suka wuce shi, kuma babu ko ɗaya da ya yi kwana 7 cif. Uwar da aka gaya wa cewa yara kan yi mako guda a ɗakin za ta je ta nemo kuɗin abinci da na mai jiran gida na mako guda, alhali abin da ya fi yiwuwa shi ne a kwana na uku ko na huɗu a sallame ta.

Huɗun kuwa shi ne adadin tsakiya. Ba a tara komai a nan. Ana jera lambobin ne kawai, a nemi wanda ya zauna a tsakiyar layi. Tunda yara 11 ne, na shida shi ne na tsakiya, biyar a bayansa biyar a gabansa, kuma shi kwana 4 ya yi. Da yawansu ya rabu biyu daidai, misali 10, sai a ɗauki biyun da ke tsakiya a haɗa a raba biyu. Abin lura shi ne adadin tsakiya bai damu da girman na ƙarshe ba, matsayinsa a layi kawai yake dubawa. Da yaron da ya ƙone kwana 100 ya yi, matsakaici zai haura zuwa kusan 13, amma adadin tsakiya yana nan a 4 bai motsa ba.

Irin waɗannan alƙaluma su ake kira karkatattu. Mafi yawansu sun cunkushe a gefe guda, wasu 'yan ƙalilan kuma sun yi nisa sun ja doguwar wutsiya zuwa ɗaya gefen. Kuma ba tsautsayi ba ne ya sa kwanakin jinya suke zuwa a haka. Suna da bango ta ƙasa, domin babu mai yin ƙasa da sifili, amma ta sama babu iyaka. Duk abin da aka gina a haka yakan karkata: kuɗin shiga, kuɗin magani, yawan dabbobin da gida ya mallaka, tsawon jira a layi, yawan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗigon jini. Hukumar ƙidaya ta Amurka, alal misali, ta ba da adadin tsakiya na kuɗin shigar gida a shekarar 2022 a kan dala 74,580, alhali matsakaicin ya haura dala 100,000. 'Yan tsirarun da ke can sama ne suka ja shi. Akwai kuma karkata ta ɗaya ɓangaren, inda wutsiyar ke ƙasa, kamar makin jarrabawa mai sauƙi da kusan kowa ya ci sosai in ban da 'yan kaɗan. A nan matsakaici ne yakan faɗo ƙasa da adadin tsakiya.

Abokin tafiyar kowanne

Lamba ɗaya ba ta isa ta bayyana taron mutane, don haka a kowane rahoto na kirki ana haɗa ta da wata da ke nuna yadda mutanen suka bazu. Matsakaici yana tafiya da ma'aunin bazuwa, wanda a teburin bincike za a ga an rubuta SD. Adadin tsakiya kuma yana tafiya da tazarar rubu'i, wadda ake rubutawa IQR. A ganina ɓarnar da karkata ke yi ta fi fitowa fili a waɗannan abokan tafiyar fiye da a lambobin farko, shi ya sa ya kamata a bi lissafinsu a tsanake.

Ma'aunin bazuwa, wanda Karl Pearson ya raɗa wa suna a farkon shekarun 1890, ana samo shi ne kamar haka. A duba nisan kowane yaro daga matsakaici. Wanda ya yi kwana 2 yana ƙasa da 7 da biyar, wanda ya yi 3 yana ƙasa da huɗu, haka har a zo kan mai kwana 36, wanda ke sama da 29. Sai a ninka kowane nisa da kansa: biyar sau biyar 25, huɗu sau huɗu 16, har zuwa 29 sau 29, wato 841. Idan aka tara su duka za a samu 966. A raba da 10, wato yawan yaran ban da ɗaya, a samu 96.6, sannan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da hakan. Amsar ita ce 9.8.

A tsaya a kan 966 ɗin nan. Yara goma gaba ɗayansu 125 suka ba da, yaro ɗaya ya ba da 841. Kusan kashi 87 cikin ɗari na abin da aka gina ma'aunin a kai daga gado ɗaya ya fito. Ninka nisa da kansa shi ke jawo haka, domin yana ƙara wa na nesa nauyi fiye da kima. Idan aka ajiye wannan yaron gefe, matsakaicin sauran goman 4.1 ne, ma'aunin bazuwarsu 2.1. Mutum ɗaya ya ninka ma'aunin fiye da sau huɗu.

Me ya sa ake son ma'aunin bazuwa tun farko? Saboda idan alƙaluma suka yi siffar tudu mai gangare iri ɗaya hagu da dama, kamar tsayin manyan maza ko makamancinsa, lambobi biyun nan suna ba da kusan dukkan labarin. Wajen kashi 68 cikin ɗari na mutanen za su faɗa tsakanin ma'auni ɗaya ƙasa da matsakaici da ma'auni ɗaya sama da shi, wajen kashi 95 kuma tsakanin ma'auni biyu ƙasa da biyu sama. Mai karatun da ya san wannan, da ya ga lambobin sai ya zana hoton a ransa. To bari mu gwada da namu. Bakwai a cire 9.8 sau biyu ya ba da kusan 13 ƙasa da sifili. Ko sau ɗaya aka cire, an riga an faɗa ƙasa da sifili. Wato rahoton yana nuna kamar akwai yaran da aka sallama kwanaki kafin a kwantar da su. Lissafin daidai yake, hoton da yake zanawa ne ƙarya.

Wannan gwajin ba ƙirƙirata ba ce. Douglas Altman da Martin Bland, waɗanda suka daɗe suna rubuta gajerun darussan ƙididdiga a mujallar likitoci ta BMJ, sun bayyana shi a 1996: idan abin da ake aunawa ba ya iya sauka ƙasa da sifili, kuma matsakaicinsa bai kai ninki biyu na ma'aunin bazuwa ba, to akwai alamar karkata. Amfanin dabarar shi ne ba ta buƙatar ganin ainihin alƙaluman. Da teburin da aka buga kaɗai mutum zai iya kama ta. Ɗan jarida ko mai duba kundin ɗalibi da ya ga an rubuta 7 da 9.8 ya san akwai wutsiya a ɓoye, ko da ba a nuna masa rajista ba.

Tazarar rubu'i ta fi sauƙin samu. An riga an raba layi biyu da adadin tsakiya, sai a sake raba kowane rabi biyu. Rabin ƙasa shi ne 2, 2, 3, 3, 3, na tsakiyarsa 3, wannan shi ne rubu'in farko. Rabin sama shi ne 4, 5, 6, 9, 36, na tsakiyarsa 6, wannan shi ne rubu'i na uku. Don haka za a rubuta: adadin tsakiya kwana 4, tazarar rubu'i daga 3 zuwa 6. Ma'anarsa a fili take ko ga wanda bai yi karatun lissafi ba. Wajen rabin yaran, waɗanda ke tsakiyar layi, sun yi tsakanin kwana 3 da 6, wajen rubu'i sun yi ƙasa da haka ko daidai da shi, wajen rubu'i kuma sama. Ba a yi wani zato game da siffar alƙaluman ba, kuma babu yadda za a yi amsar ta faɗa ƙasa da sifili.

Akwai wani ƙarin alheri a rubuta iyakokin biyu. Daga 3 zuwa 4 taki ɗaya ne, daga 4 zuwa 6 taki biyu. Wannan rashin daidaiton shi kansa yana gaya wa mai karatu cewa alƙaluman sun fi miƙewa ta sama. Shi ya sa ba na son ganin an cire ƙaramin daga babban an rubuta «tazara 3» kawai, domin an zubar da rabin bayanin. Mafi muni shi ne a rubuta 4 ± 3, wanda ake gani a kundaye da yawa. Alamar ± tana cewa nisan sama da na ƙasa daidai suke, alhali rashin daidaiton ne ya sa aka guje wa matsakaici tun farko.

Don a ga inda matsakaici ke aiki lafiya, ga ɗaki na biyu, shi ma da yara 11: 5, 6, 6, 6, 7, 7, 7, 8, 8, 8, 9. Jimla 77, matsakaici 7, daidai da ɗakin farko. Amma a nan adadin tsakiya shi ma 7 ne, ma'aunin bazuwa 1.2 kacal, kuma ma'auni biyu ƙasa da sama ya kama daga 4.6 zuwa 9.4, wanda ya ƙunshi kowa. A irin wannan ɗakin duk wanda aka rubuta ya yi, kuma matsakaici ya ɗan fi, saboda yana amfani da ƙimar kowace lamba. Wanda aka miƙa wa matsakaitan ɗakunan biyu kaɗai zai rantse cewa iri ɗaya ne, alhali a ɗaya yawancin yara suna tafiya gida kafin kwana 5, a ɗayan kuma babu mai tafiya kafin nan.

Inda matsakaici ne gaskiya, ko da an karkata

Daga nan ne mutane da yawa ke ɗaukar ƙa'ida su haddace: in an karkata a rubuta adadin tsakiya, in ba a karkata ba a rubuta matsakaici. Ƙa'idar tana aiki sau da yawa, amma ta manta da tambayar waye zai karanta, kuma me zai yi da lambar.

A koma ɗakin farko, a sa wa rahoton mai karatu daban. Wannan karon ba uwar yaro ba ce, sakataren asibiti ne da ke tsara abinci da zannuwan gado da jadawalin ma'aikatan jinya na wata mai zuwa. Idan aka ba shi 4, zai ninka da yara 11 ya samu kwana 44, ya yi tanadi a kan haka. Amma gadajen kwana 77 suka yi a cike. Kwana 33 sun ɓace daga kasafinsa, kuma a cikinsu an ci abinci, an wanke ciwo, an yi kwanan aiki. Yaron da ya ƙone shi kaɗai ya cinye kusan rabin kwanakin ɗakin, kuma wata mai zuwa ma ana iya kawo irinsa. Matsakaici ne kaɗai, in an ninka shi da yawan mutane, yake mayar da jimla daidai. Adadin tsakiya ba ya yin haka, kuma ba a iya haɗa na ɗakuna biyu a samu na asibiti gaba ɗaya.

Saboda haka ne masu nazarin kuɗin kiwon lafiya suke riƙe da matsakaici duk da cewa kuɗin magani na cikin mafi karkatar alƙaluma. Simon Thompson da Julie Barber sun yi wannan bayanin a BMJ a shekarar 2000: mai yanke shawarar wane magani za a saya wa jama'a jimlar abin da za a kashe yake so ya sani, kuma matsakaici ne ke kai shi can. Haka zancen yake ga hukumar da ke lissafin buhunan taki ko litar ruwan da gari zai sha. Abin da karkata ta lalata a nan shi ne amfanin ma'aunin bazuwa wajen zana hoton mutane. Matsakaicin kansa yana nan da aikinsa.

Adadin tsakiya yana da wata makanta kuma. A ce an tambayi gidaje nawa suka kashe a asibiti a watan jiya, fiye da rabi suka ce ba su kashe ko kwabo ba. Adadin tsakiya sifili ne, rubu'in farko ma sifili, ko da sauran gidajen sun sayar da gona don biyan kuɗin tiyata. A irin wannan abin da ya dace shi ne a raba maganar biyu: kashi nawa ne suka kashe wani abu, sannan a cikin waɗanda suka kashe, nawa ne adadin tsakiya da tazararsa.

Ta wani fannin kuwa adadin tsakiya yana iya abin da matsakaici ba zai iya ba. A ce ranar da za a miƙa rahoto yaron da ya ƙone yana kwana na 20, ba a sallame shi ba tukuna. Babu wanda ya san matsakaici, domin jimlar ba ta kammala ba. Idan aka cusa 20 aka yi lissafi za a samu 5.5, lambar da za ta canza gobe. Amma an riga an san cewa shi ne na ƙarshe a layi, don haka adadin tsakiya 4 ne, tazara 3 zuwa 6, ko yaushe aka sallame shi. Wannan ne dalilin da ya sa binciken cutar kansa ke ba da adadin tsakiya na tsawon rayuwa, tunda ana rufe bincike wasu majinyatan suna raye. Shi ne kuma ya sa binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya ke ba da shekarun auren fari da adadin tsakiya, wanda a binciken 2018 ya kama shekara 19.1 ga mata masu shekara 25 zuwa 49. Wasu daga cikin waɗanda aka tambaya ba su yi aure ba tukuna, amma hakan bai hana a gano tsakiyar layi ba.

Abin da tazarar rubu'i ba ta gani

Tazarar rubu'i rabin mutane kawai take bayyanawa. Wanda ya karanta «4, daga 3 zuwa 6» ba zai taɓa sanin cewa wani yaro ya yi kwana 36 ba. Ƙarfinta ke nan, kuma rauninta ke nan, domin wani lokaci wutsiyar ita ce labarin.

Stephen Jay Gould, masanin tarihin halittu na Jami'ar Harvard, an gano masa wata muguwar kansa ta cikin ciki a 1982. Da ya shiga ɗakin karatu ya ga adadin tsakiya na rayuwar masu cutar wata 8 ne. Da yake ya san ƙididdiga, sai ya tambayi kansa yaya siffar rabin da ya wuce wata 8 take. Ya gano cewa wutsiyar doguwa ce, tana miƙewa shekaru, kuma ƙuruciyarsa da saurin gano cutar suna iya sa shi a cikinta. Ya rubuta maƙala a kan haka a 1985, ya kuma rayu har 2002, inda wata kansar daban ta yi ajalinsa. Wata 8 ɗin ba ƙarya ba ne. Yana faɗin inda layi ya rabu biyu ne, bai ce komai ba game da nisan ƙarshen layin.

Haka aka yi a farkon annobar korona. A watan Maris na 2020 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka ƙiyasta cewa adadin tsakiya na kwanakin da cutar ke yi a jiki kafin alamu su bayyana 5.1 ne. Da hukumomi sun tsaya a nan, da killacewar kwana 5 ko 6 ta bar kusan rabin masu cutar sun koma cikin jama'a kafin su fara tari. Lambar da ta fi amfani a binciken ita ce ta can ƙarshen wutsiya: kashi 97.5 cikin ɗari na waɗanda za su nuna alamu sun nuna cikin kwana 11.5. Ita ce ta yi daidai da killacewar kwana 14. Idan shawarar da za a yanke ta rataya a kan mafi tsawo ko mafi muni, sai a ƙara lambar da ke duban can, ko da mafi ƙanƙanta da mafi girma ne kawai.

Dubawa kafin rubutawa

Yaya mutum zai san nasa alƙaluman sun karkata? Hanya mafi aminci ita ce ya gan su da idonsa. In kaɗan ne ya jera su kamar yadda muka yi. In suna da yawa ya sa kwamfuta ta zana masa ginshiƙan yawa, ko zanen akwati irin wanda John Tukey ya yaɗa a littafinsa na 1977, inda akwatin ke nuna rubu'i biyun, layin ciki kuma adadin tsakiya. Tukey ya ba da ma'aunin gane na nesa: a ninka faɗin akwatin sau ɗaya da rabi a ɗora a kan rubu'i na uku. A namu, 3 sau ɗaya da rabi 4.5 ne, a ɗora a kan 6 ya zama 10.5. Mai kwana 9 yana ciki, mai 36 ya yi waje da nisa. Bayan zane sai a kwatanta matsakaici da adadin tsakiya. Bakwai da huɗu sun yi hannun riga, kuma wannan kaɗai ya isa shaida.

Ga mai amfani da Excel, in lambobin suna daga A1 zuwa A11, umarnin su ne:

```
=AVERAGE(A1:A11)
=STDEV.S(A1:A11)
=MEDIAN(A1:A11)
=QUARTILE.EXC(A1:A11,1)
=QUARTILE.EXC(A1:A11,3)
```

Za su ba da 7, da 9.8, da 4, da 3, da 6. Wanda ya yi amfani da `QUARTILE.INC` kuwa zai ga rubu'i na uku ya zama 5.5 maimakon 6. Kada ya tsorata, babu wanda ya yi kuskure. Akwai hanyoyi da dama na yanka rubu'i idan wurin yankan ya faɗa tsakanin lambobi biyu, kuma manhajoji ba su bin hanya ɗaya. A ƙananan alƙaluma bambancin yana fitowa, a manya yakan shuɗe. Abin da ake so shi ne a tsaya a kan hanya ɗaya, a kuma faɗi manhajar da aka yi aiki da ita.

Ɗalibai da yawa ana koya musu su miƙa wannan hukuncin ga wani gwaji, galibi na Shapiro da Wilk, su bi abin da ya ce. Ni ban cika yarda da hakan ba. Idan mutanen da aka auna kaɗan ne, gwajin yakan kasa ganin karkatar da ke nan. Idan dubbai ne, yakan yi ƙara a kan 'yar karkatar da ba ta canza komai. Zane da sanin abin da ake aunawa sun fi shi. Wanda ya san cewa kwanakin jinya yake ƙirgawa ya kamata ya yi tsammanin wutsiya tun kafin ya kunna kwamfuta.

Jarabar da ke biyo bayan ganin 36 ita ce a goge shi don tebur ya yi kyau. Idan an koma rajista an ga kuskuren rubutu ne, a ce 3 da 6 na layuka biyu ne suka haɗe, to gyara ya wajaba. Amma in yaron da gaske ya kwana 36, goge shi ɓoye gaskiya ne, kuma sakataren asibiti zai gane hakan ranar da abinci ya ƙare. Akwai kuma wata dabarar da ke sa tebur ya yi kyau ba tare da an goge kowa ba. A raba 9.8 da tushen 11, wato wajen 3.3, a samu kusan 3, sai a rubuta 7 ± 3. Wannan ukun wani ma'auni ne daban, wanda ake rubutawa SE, kuma yana faɗin yadda za a amince da matsakaicin ne, ba yadda yaran suka bazu ba. Yana ƙanƙancewa duk lokacin da aka ƙara yawan mutane, ko da bazuwar tana nan yadda take. Duk wanda ya ga ± a tebur ba tare da an faɗi abin da ke bayanta ba, yana da haƙƙin ya tambaya.

Idan ana kwatanta rukuni biyu a tebur ɗaya, a ba su ma'auni iri ɗaya. Ba a rubuta wa ɗakin farko adadin tsakiya, ɗaki na biyu matsakaici, don mai karatu zai kwatanta 4 da 7 ba tare da ya san ba jinsi ɗaya ba ne. In ɗaya ya karkata, a ba duka biyun adadin tsakiya da tazarar rubu'i: 4, daga 3 zuwa 6, da kuma 7, daga 6 zuwa 8.

Shi kuma ma'aikacin namu, tunda rahotonsa zai je hannun likita da sakatare duka, babu dokar da ta ce lamba ɗaya zai zaɓa. Zai iya rubuta cewa an sallami yara 11, adadin tsakiya na kwanakinsu 4 ne, tazarar rubu'i daga 3 zuwa 6, mafi ƙanƙanta 2 mafi tsawo 36, sannan jimlar kwanakin gado 77, wato matsakaicin 7 ga kowane yaro, wanda 36 daga ciki na yaro ɗaya ne mai ƙuna. Ma'aunin bazuwa na 9.8 yana iya zuwa a teburin ƙarshen rahoto, don masu tattara sakamakon bincike daban-daban wuri ɗaya sukan buƙace shi a lissafinsu.